Rawanin da Ya Yi Fari

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, ina koyar da zane a Gombe. Wani ɗan kwangila ya kira ni gidansa a GRA, ya nuna mini hoton marigayi babansa na fentin mai, wanda wani Bature ya zana tun kafin 'yancin kai. Farin rawanin tsohon ya koma kalar man shanu. Ya ce in wanke masa dattin.

Na ce masa ba datti ba ne. Man ƙyallin da aka shafe hoton da shi, wato banish, daga ƙaron itace yake, iska da haske kuwa suna mayar da shi rawaya in ya tsufa. Na tsoma auduga a sinadarin da ke narkar da shi, na gwada a kusurwa. Muddin audugar na fitowa rawaya, banish nake cirewa. Da na zo fuska, sai na ga ɗan ja-ja a jikinta, alamar fenti ya fara biyowa. Na tsaya nan.

"Malam, ka ji tsoro ke nan," in ji shi. "Ni so nake ya yi fes."

Ya kai wa mai fentin mota hoton, aka dirje shi da tsumma da tina, ruwan narkar da fenti. Rawani ya yi fari fat. Tsagar kumatun tsohon da tamojin goshinsa duk sun bi tsumma, fuskar ta zama kamar ferarriyar doya. Har kirana ya yi in gani, yana washe baki.

Ina tsaye gwaggonsa ta shigo. Ta daɗe tana duban hoton yayanta, sannan ta ce, "Wannan kuma uban waye?"