Masarar Baba ta Ƙarshe

Shekarar da muka ɗauko Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Sabuwa, abin da ya fi damuwa da shi a cikin kayansa duka shi ne buhunan masararsa. Ƙauyen ya watse a lokacin saboda 'yan bindiga, kowa ya kama gabansa. Masarar ba ta gama bushewa a kara ba ya karye ta cikin kwana biyu, aka sussuke, aka ɗure a buhu goma sha ɗaya. Da muka iso gidana a Faskari, shi da kansa ya tsaya aka jera su a ɗakin ajiya, sannan ya yarda ya sha ruwa.

Ni malamin firamare ne, ina kuma kiwon kajin nama, ɗari biyu a kowane zubi, a wani ɗaki da na gina a bayan gida. Da yake ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Watanninsa na farko a wurina zaman tabarma ya yi. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, sai ga shi yana bin inuwar bango daga safe har la'asar.

Da na kawo sababbin 'yan tsaki sai ya fara leƙo ɗakin kaji. Wata rana ya ga ina sauke buhun abincin kamfani, ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce yawancinsa masara ce. Ya ce to me ya sa zan sayi ta wani alhali ga tasa a jibge. Na yi murna, don ban ji ya yi magana da ƙarfin murya haka ba tun zuwansa. Bayan sati biyu na farko na daina ba su na kamfani, na sayo haɗin da ake gaurayawa da masara, muka riƙa kai tasa inji ana ɓarzawa. Shi ke auna wa kajin abinci da safe, ni in rubuta kilo nawa aka zuba. Har maƙwabta yake gaya wa cewa gonarsa ce ke ciyar da kajin Malam.

Akwai wani lissafi da nake yi a ƙarshen kowane zubi, wanda wani likitan dabbobi a Ƙanƙara ya koya mini. Za ka haɗa nauyin dukan abincin da kaji suka ci tun ranar da suka zo, ka raba shi da nauyin kajin da suka rayu gaba ɗaya. Abin da ya fito shi ne kilon abincin da ka zuba kafin ka sami kilo ɗaya na kaza. In ya yi ƙasa, kajin sun mori abincinsu. A zubin da ya wuce na samu ɗaya da ɗigo takwas.

Tun sati na huɗu na lura kajin wannan zubin girmansu ba ɗaya ba ne, wasu manya wasu kamar an hana su ci, gashinsu a hargitse. Na ce wa kaina za su cika. Ranar da suka yi sati shida muka rataye sikeli, muka riƙa sa su goma-goma a kwando, ina cire nauyin kwandon. Goma sha huɗu sun mutu a hanya, saura ɗari da tamanin da shida, nauyinsu duka kilo ɗari biyu da sittin. Abincin da suka ci kilo ɗari bakwai ne, har da na waɗanda suka mutu, don su ma sun ci. Na raba, ya ba ni biyu da ɗigo bakwai. Na sake rabawa, bai canza ba. Baba yana riƙe da kwando yana jira, na ce masa sai na duba da kyau.

Washegari na hau babur zuwa Ƙanƙara da littafina da kaji biyu da abincin a leda. Likitan ya ce wannan lamba ba ta faɗin cutar, tana dai nuna cewa abinci na shiga nama ba ya fitowa, sai an bi a ga inda yake tafiya. Ya tambaye ni ko suna watsar da abinci a ƙasa, na ce mazubin a rataye yake daidai tsayin bayansu. Ya tambayi ɓeraye, da ruwan sha, da zafin ɗaki, da ko na ga jini a kashinsu. Duk babu. Sai ya yanka ɗaya ya buɗe. Hantar ta kumbura, ta yi fari-fari kamar an wanke ta, yatsa na taɓa ta take farfashewa. Ta biyun ma haka. Ya shinshina abincin, ya tambaye ni inda na sami masara. Na ba shi labari.

Ya ce masarar da aka ɗure da damshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana barin guba mai cin hanta, wadda niƙa ko dafuwa ba sa kashewa. Ya ce sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar, amma shi abin da ya gani ya ishe shi. Ya ce in mayar da kajin kan abinci mai kyau na ɗan lokaci kafin in sayar, ko da yake ba za su kamo abin da suka rasa ba. Ragowar masarar kuma kada mutum ya ci, kada a ba dabba.

Da na dawo na zazzage buhu ɗaya a tsakar gida. Sama lafiya lau take, amma daga tsakiya ta dunƙule, da kore-kore a jikin ƙwayar, ga warin ruma. Ina tsugune a kai Baba ya fito. Na yi masa bayani a hankali, na ce laifina ne da ban shanya ta ba tun ranar da ta iso, wanda kuma gaskiya ne. Ya ɗebi masarar ya daɗe yana kallo.

"Na san ba ta bushe ba, Malam," ya ce. "Kwana goma kaɗai take nema. Ba su bar ni ba."

Sai ya tambaya ko an yi wa yara tuwo da ita. Na ce sau kaɗan, a farkon zuwanta. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya rufe fuska da hannun riga. Ko ranar da muka baro ƙauye ban ga ya yi haka ba.

Buhu biyar suka rage. Ya roƙe ni in bar masa tiya guda ta iri, na zauna da shi muka tsince masu kyau ɗaya-ɗaya, ya ƙulle a tsumma. Sauran muka kai bayan gari muka ƙone, muka binne tokar. Bai bi mu ba.

Zubin da ya biyo na koma abincin kamfani gaba ɗaya. Baba bai ƙara shiga ɗakin kaji ba, ko na kira shi ya taya ni riƙe kwando sai ya ce ƙafarsa na ciwo. Ranar da na yi awo ya ji kukan kajin, da na zo wucewa ya tambaye ni nawa aka samu. Na so in ƙara lambar don kada ya ga yadda abincin kamfani ya fi masararsa, amma ban iya yi masa ƙarya ba, na ce ɗaya da ɗigo takwas. Ya ce madalla, Allah ya ƙara albarka.

Da damina ta kusa na nemo masa aron wata 'yar gona a hanyar Sheme. Na kai shi ya gani, ya zagaya ta, ya murza ƙasar a hannu, ya ce tana da kyau, a bari dai sai an yi shuka ta biyu. Ruwa ya zauna, kowa ya shuka, ya ce a bari sai baɗi. Ya rasu bayan sallar layya, bayan jinyar kwana huɗu, muka binne shi a Faskari.