Kwalekwalen da Ya Rasa Kumfa

A shekarar 2016 Warwick ya san Losaline, 'yar Tonga, a wani kamfanin wasannin kwamfuta a Brisbane. Shi ya tsaya mata aka ɗauke ta aikin ƙera ruwan da ake gani a cikin wasannin. Tekunta kore ne a gaɓa, shuɗi a zurfi, duwatsun ƙarƙashin ruwa na karkacewa a ido, zanen igiyoyi biyu na ratsa juna, kumfa na fitowa inda zurfi ya ragu.

Ranar da za a yi gwaji gaban shugaban kamfanin, kumfa ta ƙi kewaye kwalekwalen da Warwick ya ƙera a wasan, ga aikinsa dama yana rawa.

Losaline ta leƙa, ta yi dariya. "Haba dattijo, ka rubuta wa kwamfuta cewa kwalekwalen gilashi ne! Kwamfuta ba ta auna nisan gilashi, ina ruwa zai san yana nan?"

Ta gyara kafin shugaba ya shigo, ba ta kuma gaya wa kowa ba.