Akwatin da Mai Agogo Ya Bari a Kan Taga

Inna ta shafe shekarunta na aure tana sauraron mutum guda, kuma mutumin ba ya gajiya. Mijinta mai gyaran agogo ne, har sana'ar ta cinye sunansa, kowa Mai Agogo yake ce masa. Allah ya ba shi hannu mai laushi da baki mai motsi. Idan ka kawo masa agogo ya sa maka batir, kafin ya mayar da murfin sai ka ji tarihin agogon, da na kakan agogon, da yadda ya taɓa gyara irinsa ga wani direban jirgin ƙasa da ba ya biyan kuɗi sai da rigima.

Da waya ta zo ta kashe kasuwar agogo, ya rufe shago ya dawo gida, ya kafa dogon benci a ƙarƙashin tagar falo. Da farko bencin shi kaɗai yake ɗauka, mutane har canza hanya suke yi. Sai wata rana ma'aikatan wani kamfani suka zo suka ja waya ta saman katanga, suka ajiye wata 'yar farar akwati a kan taga, mai ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Ya ce wa Inna ta intanet ce. Ta ce me zai yi da intanet, shi da wayarsa mai madannai ce, wadda ko hoto ba ta ɗauka? Ya ce ilimi ne. Ba ta ja zancen ba, don wanda ya ja zance da Mai Agogo ya rasa yininsa.

Daga nan benci ya fara cika. Mai aski, mai gyaran babur, malamin makarantar bayan layi, 'yan dako idan sun tashi daga aiki, har Tela maƙwabciyarsu ta jawo keken ɗinkinta kusa da katanga. Mai Agogo yana zuba, su suna gyaɗa kai.

Ya rasu da hantsi, bayan gajeruwar jinya. Inna ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance, don duk surutunsa, shi ne sautin gidan. 'Yan gaisuwa suka zo suka watse, dangi suka koma gidajensu, amma bencin bai watse ba. Kowace yamma idan ta leƙa ta labule sai ta gan su jere, shiru, kowa kansa a sunkuye. Ba wai ba ta ga wayoyin da ke hannunsu ba. Mutanen yanzu ko'ina suka zauna haka suke. Amma duk faɗin unguwar nan su zaɓi ƙofar marigayi, wannan ai amana ce. Sai ta riƙa miƙa musu ruwan sanyi tana sa musu albarka, su kuma suna amsawa da amin ba tare da sun ɗago ba.

Bencin nan ne kuma makaminta a kan ɗanta. Shi ma'aikacin ofis ne, tun yana ƙarami take masa tsiya da Akawu saboda ko takalmansa a jere yake ajiyewa. Akawu ya ƙudura sai ta koma gidansa, hawa na sama a can ƙarshen gari, inda ba ka jin komai sai ƙarar firij.

"Inna, ba zai yiwu ki zauna ke kaɗai ba. In wani abu ya same ki fa?"

"Ni kaɗai? Leƙa waje ka ƙirga."

Ya leƙa, ya ga benci maƙil, ya dawo. Ita kuwa ko mutuwa za ta yi, a ɗakin nan take so ta same ta.

Tunda ya kasa ɗauke uwar, sai ya juya kan abubuwan uban. Ashe Mai Agogo ya yi rajista da duk abin da ake rajista da shi: tashoshin talabijin, jaridar da ake jefowa ta ƙarƙashin ƙofa, saƙon hasashen yanayi da ke shigo masa kowace safiya yana cin katin wayarsa, ga kuma intanet. Yawancinsu daga asusun bankinsa suke cirar kuɗinsu da kansu duk wata. Akawu ya kai wa banki takardar shaidar mutuwa, banki ya dakatar da asusun, ya kuma gaya masa cewa dakatar da asusu ba shi ne soke rajista ba. Sai ya bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba su ci gaba da rubuta wa mamaci takardun tuni.

Na hasashen yanayi saƙo guda ya tura daga wayar marigayi, ya mutu murus. Mai jarida ya yi ta'aziyya ya goge sunan. Na talabijin sun ɗan ja shi, suka saki. Na intanet ne ya sa shi zufa. Ya kira su a gaban Inna, ya saki muryar wayar a fili, suka sha kiɗa har ta fara gyangyaɗi, sannan wani ya ɗauka.

"Sai dai mu yi magana da mai asusun, ranka ya daɗe."

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To ko akwai lokacin da ya fi dacewa mu..." Ya katse kansa, ya yi tari. "Ina nufin, ba a rufe irin wannan ta waya. Ku je ofis da takardar mutuwa, da katin shaidar wanda ya zo rufewa, da akwatin, don ta kamfani ce."

Inna ta ce, "Da ka bar shi ya sa lokacin. Ni ma ina da maganar da zan yi da shi."

Washegari Akawu ya zare akwatin daga soket, ya naɗe wayarta tsaf. Inna ta ce za ta bi shi, ba a mayar da kayan mijinta ba ta nan. A ofishin suka ɗauki lamba, suka zauna a kujerun roba. Yarinyar da ke kan kanta ta duba takardun, ta juya akwatin ta karanta lambar da ke ƙasanta, ta ce, "Mama, in kina so ba sai an rufe ba. Ana iya mayar da shi sunanki."

Kafin Inna ta buɗe baki Akawu ya ce, "Me za ta yi da shi? A rufe."

Ita ma ba ta ga abin da za ta yi da shi ba. Aka rufe.

Da yammar ranar benci ya cika kamar kullum, sai dai wannan karon kawuna a sama suke. Mai aski ya miƙe yana ɗaga wayarsa kamar mai neman a sa masa albarka. Malamin makaranta ya zagaya katanga ya dawo. Mai gyaran babur ya leƙo taga har hancinsa ya taɓa ƙarfe, suka yi ido huɗu da Inna, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri, Inna?" Ta ce da godiya. Ba a jima ba kowa ya tuna yana da uzuri.

Kwana ya bi kwana, bencin ba kowa sai wata mage. Inna ta ci gaba da sanyaya ruwa, ruwan yana hucewa a kan tire. Ta bincika kanta, ko ta yi wa wani magana mai zafi, ba ta samu ba. A ƙarshe ta kira Tela ta kan katanga.

Tela ta shigo da tef a wuya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta sauke. "Inna, kin san farar akwatin nan? To ita ce. Baba ya ba kowa kalmar sirrinta. Ni kaina da ita nake duba sabbin ɗinkuna."

"Duk shekarun nan?"

"Wallahi muna jin labaransa ma. Wani lokacin."

Inna ta tashi ta kwashe kofunan nan ta jefa a kwandon wanke-wanke da ƙarfin da ya sa Tela ta tuna ta bar guga a wuta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ji kunyar albarkar da ta yi ta rabawa, ta ji haushin mutanen, ta fi jin haushin wanda ba ya nan balle ta sauke masa. Wato tsohon nan ya san ba mai sauraronsa kyauta, ya je ya sayo masu sauraro, ya bar ta tana yi musu hidima! Tana cikin faɗan ita kaɗai sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye kuka. Da ta share ido ta saurara, ba abin da ke motsi a gidan sai agogunan bango da ya bari.

Akawu ya zo ƙarshen mako, ya ga benci wayam. Ya kau da kai, yana da kunya. Ya dai auna gadonta da ido, ya ce mako mai zuwa zai zo da mota.

Da safe Inna ta ɗauki katin shaidarta ta hau motar haya ita kaɗai zuwa ofishin kamfanin intanet. Yarinyar nan ta ranar ta gane ta.

"'Yata, akwatin mijina na zo karɓa."

"Mama, wancan asusun an rufe shi, ba a sake buɗe shi da sunan wanda ya rasu. Sai dai sabo, da sunanki, da lambar wayarki. Akwatin ma wata za a kawo miki."

"Tana ƙyafta ido kamar waccan?"

"Har ta fi ta."

"Rubuta."

Yarinyar ta tambaye ta mai ƙarfi take so ko daidai wa daida, mutum nawa ne a gidan. Inna ta ce ita kaɗai ce, a ba ta wanda zai ɗauki mutum ashirin. Ta biya na watan farko daga ɗan abin da take ajiyewa, ta dangwala hannu inda aka nuna mata. Bayan kwana biyu ma'aikata suka zo suka haɗa, suka rubuta mata kalmar sirrin a takarda. Ta miƙa wa Tela ta kan katanga, ta san ba sai ta ƙara da shela ba.

Ranar da Akawu ya zo da motar kwasar kaya, sai da aka ajiye ta a bakin layi, don babura sun tare ƙofar. Ya ratsa ta cikin mutane yana amsa gaisuwa, ya hango fitilun suna ƙyaftawa a kan taga, ya tsaya. Ya sami Inna a kicin tana jera kofuna.

"Inna, wa ya sa aka dawo da wannan?"

"Mai asusun. Ga ta a gabanka, in kana son magana da ita."

Ya rage murya. "Ba don ke suke zuwa ba fa. Ba don Baba ba ma."

"Na sani. Shi ma ya sani." Ta ɗora tulun ruwa a kan tire. "Jiya tsintsiya ta faɗi a falo, mutum uku suka leƙo suna tambaya ko lafiya. A gidanka wa zai leƙo, kai kana ofis?"

Akawu ya waiwaya ya dubi ƙofa. Ta miƙa masa tiren.

"Kai musu. In ka dawo ka sallami mai motar."