Takinmu a Gonar Marigayi

Gonar da muke ci da ita a waccan shekarar ba tamu ba ce. Tamu ta gado, bayan an raba tsakanin maigidana da 'yan'uwansa, ɗan siririn fili ce da ko gero na wata uku ba ta ba mu. A wajenmu, gabas da Gezawa, gona na manne da gona, ba dajin da mutum zai sara ya ce ya yi sabuwa. Saboda haka shekara da shekaru muna noma gonar wani Alhaji, ɗan garinmu da ke sayar da yadi a birni. Aro ya ba mu. Duk kaka Malam, wato maigidana, yakan kai masa dammunan gero da ɗan wake, ya yi godiya, shi kuma ya ce a ci gaba.

Alhaji ya rasu bayan an gama girbi. Malam ya je gaisuwa, ya dawo, bai yi wa kowa zancen gona ba, don ba a yin wannan a kan tabarmar makoki. Mu kuwa muka ci gaba da abin da muka saba. Takin zamani a lokacin ya fi ƙarfin irinmu, ko ambatonsa ba ma yi. Ni ce nake tara toka da shara da kashin awakina a bayan ɗaki, Malam yana ɗora wa jaki a mangala yana kaiwa. Rani guda cur muna wannan. Kafin zafi ya tsananta, gonar ta cika da tsibin taki, layi-layi. Ni ba na fita gona, amma na san yawansu, don bayana ne ya tara su.

Sai ga labari. Wani ya ga mota ta tsaya a bakin gonar, mutum biyu sun sauka suna taka iyaka, ɗayansu manomi ne daga ƙauyen gaba. Kuma gabas ta fara haɗa baƙi da yamma.

Ƙanin Malam ya ce, "Yaya, ka je ka yi binne kawai, ka sa iri tun ruwa bai sauka ba. In gero ya tsiro wa zai tuge?"

Malam ya ce, "Dukiyar magada ce yanzu, har da ƙanana a ciki. Ba zan jefa iri ba sai an ce na jefa."

Lamba ɗaya muke da ita, ta marigayi. Mun ɗauka babban ɗansa ne ke riƙe da wayar. Malam ya kira da 'yar ƙaramar wayarsa kwana uku, tana shiga ba a ɗauka. A rana ta huɗu na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata mai ɗinkin hula, wadda ke da babbar waya irin ta shafawa. Ta shigo ta danna wurin saƙon murya, Malam ya zauna ya gyara murya kamar zai yi magana a rediyo, ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce yana neman izinin shuka. Ta tura.

Bayan la'asar ta dawo da sauri, mayafinta a hannu. "An amsa. Amma fa mace ce."

Muryar yarinya ce mai hankali, a gajiye. Har yau ina iya maimaita ta.

"Wa alaikumus salam. Ni 'yarsa ce, ba ɗansa ba. Wayar Baba tana hannuna ne kawai. Ba ni da ta cewa a kan gona, ban ma san inda take ba. Don Allah ku yi haƙuri ku daina kiran wannan layin."

Shi ke nan. Malam ya ce, "To a ce mata ta ba mu lambar yayanta. Maganar gona ai ba ta mata ba ce daman."

Na ce, "Malam, in ka faɗa mata haka, ta rufe mu ke nan."

"To me na faɗa da ba daidai ba? Ita da bakinta ta ce ba nata ba ne."

"Ita ta faɗa. Kai kar ka faɗa."

Maƙwabciyata ta sa dariya ta ce, "Ka bar ta da ita, Malam. Wannan matar taka ko tukunya ta zauna da ita sai ta ji tarihin gidansu."

Ni dai na sa ta sake kunna saƙon har sau uku. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma ina jin abin da ke ƙarƙashin magana. Yarinyar nan ba wulaƙanci take yi ba. Da ta zo kan "wayar Baba" muryarta ta ɗan karye. Na ce a raina, wata nawa ke nan tana riƙe da wayar ubanta, duk wanda ya kira da buƙatarsa ya zo. Kuma ba ta ce gonar ta tafi ba. Ba ta kuma ce yayanta ne mai magana ba. Mu ne muka ɗora masa.

Malam ya tashi ya fita masallaci. Na karɓi wayar. Na fara, na yi ta zuba: tsadar hatsi, ciwon bayana, jakin da ya rame. Maƙwabciyata ta fizge ta goge.

"Wa zai saurari wannan duka? Ke da ita kuka haɗa rani? Kuma roƙonta kike yi gona, ta ce miki ba ta da ita."

Gaskiyarta. Na sha ruwa, na sake.

"Salamu alaikum 'yata. Ni ce matar mai saƙon ɗazu. Na gode da kika amsa, da kin so sai ki yi shiru. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji, ya ciyar da gidan nan shekaru bai taɓa goranta mana ba. Mun ji, ba ke ce mai maganar gona ba, kuma ba zan ɗora miki ita ba. Abu ɗaya nake tambaya: a hannun wa aka bar al'amarin gonakin kafin a raba gado? In kin ga babu damuwa, ki nuna mana shi. In da damuwa, wallahi ba komai, ba za mu ƙara kiran layin nan ba."

Aka tura. Alamar ta nuna ta saurara. Ba amsa.

Washegari da hantsi aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, maza suka fara fito da sungumi suna dubawa. Na ɗora tukunya na manta ban sa gishiri ba. Malam bai yi mini magana a kan saƙon ba, abin da ya fi mini ciwo a kan ya yi faɗa. Duk motsin da na ji a bayan katanga sai na miƙe.

Sai bayan azahar maƙwabciyata ta shigo da wayar, yarinyar ta amso.

"Inna, na gode da addu'a. Ba Yaya ba ne. Duk mun taru mun bar komai a hannun Baffa, ƙanin Baba, yana koyarwa a Makoɗa. Amma Inna, ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Tun rasuwar nan mutane ke zuwa, kowa ya ce Baba ya yi masa alƙawari. Ni kuma in na tura masa mutum, sai a ce na fara sa baki a rabon gado. Kin gane."

Na gane sarai. Mun san ƙofar yanzu, amma in Malam ya tafi haka kawai, zai zama ɗaya daga cikin masu cewa an yi musu alƙawari. Ƙanin Malam, da yake tsaye a zaure yana ji, ya ɗaga murya: "A ce mata ta roƙa mana shi mana! Ai 'yarsa ce, ba zai ƙi ta ba."

Na ce, "Ka ji abin da take tsoro ke nan, kai kuma shi kake so a sa ta."

Na danna na ce, "'Yata, kar ki roƙa mana komai. Kar ki ce a ba mu, kar ki ce mun cancanta. Zan yi wani gajeren saƙo daban, na Baffa. In kin yarda, ki miƙa masa kawai, ki ce wannan ya shigo wayar Baba, shi ya kamata ya ji. Ai saƙon gona ne, kin kai shi wurin mai gona. Sannan ki gaya mini, in maigidana ya je, zai iya cewa ke kika nuna mana hanya, ko kar ya ambace ki?"

Na Baffa kuwa Malam na sa ya yi da bakinsa, don maganar maza ce, kuma shi zai je. Sau huɗu muna gogewa. Abin da ya rage kaɗan ne: sunansa da unguwarsa, cewa aro ne marigayi ya ba shi ba kyauta ba, ba ya da'awar ko taku ɗaya, mai unguwa da limaminmu sun san da haka, ya zuba taki tun kafin ya san matsayin gonar, yana neman izinin damina ɗaya, kuma yana roƙon a ba shi lokacin da zai zo ya gaishe shi.

Ta saurari duka biyun. Can sai ga 'yar gajeriyar amsa: "Na tura masa. Maigidanki ya ambace ni, ba komai. Baffa ya ce ya je jibi bayan sallar asuba kafin ɗalibai su taru."

A ranar da ke tsakani aka yi ruwan shuka, mai yawa. Gari ya watse gona. Ina jin muryoyinsu ta bayan gida, mu irinmu na cikin ƙwarya a rufe. Da yamma Malam ya hau motar Makoɗa, ya kwana wurin wani ɗan'uwansa don kada ya makara.

Ya dawo da azahar washegari, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, na tsaya a kansa.

"Ya tambaye ni iyakokin gonar ɗaya bayan ɗaya. Ya kira mai unguwa a gabana. Mutumin nan na ƙauyen gaba, Baffa ya riga ya fara magana da shi, don bai san da kowa a gonar ba. Babu takarda, Alhaji bai gaya wa kowa ba."

"To sai me?"

"Ya ce taki namu ne, daminar bana tamu ce. Bayan kaka za a raba gado, kar na zuba ko kwando ɗaya sai na ji daga wanda ta faɗa wa."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙwaryar iri na ajiye a gabansa. Ya taɓa ƙasar tsakar gida da yatsa, ya ga da sauran laima, ya miƙe ko abinci bai ci ba, ya leƙa zaure yana kiran ƙaninsa ya kawo sungumi.