Hatsin Mutanen Runka

Shekarar da na gama kwaleji, shagon hatsin Baba a Batsari ya cika har rufi. Ina son tsayawa a ƙofarsa da hantsi, ƙanshin gero yana fitowa kamar gonaki ne suka biyo masu su gari. Amma yawancin buhunan ba namu ba ne. Mutanen Runka ne suka kawo ajiya, don ɓarayin daji suna ƙone rumbuna.

Ma'aikacin harajin jiha ya leƙa, ya ƙiyasta Baba a matsayin babban ɗan kasuwa. Harajin da aka yanka masa, sai an sayar da shagon zai biyu.

Baba ya je ofishin haraji ya gaishe su, aka ce za a duba, ya dawo hankalinsa kwance. Ni na karanta takardar, na ga gaisuwa ba ta tsayar da komai. Sai an rubuta ƙorafi da dalilai cikin kwana talatin, in ba haka ba kimar harajin ta zauna daram. Muka rubuta. Suka nemi shaidar masu hatsin.

"Ba zan faɗi sunan kowa ba," in ji Baba. "Suna ya fita ofis, ya shiga kasuwa, gobe yana kunnen mutanen daji."

Hukumar haraji ta rubuto cewa ba za ta sauya kimar ba. Lauya ya shigar mana da ƙara a kotun ɗaukaka ƙarar haraji da ke Kaduna, amma ya ce ba shaida, ba nasara.

Ana nan sai ga taubashiyar Baba daga Runka, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ta sauko daga bayan babur.

"Kai bawana, an ce ka zama attajiri da geron marayuna?"

"Uwar ɗakina, koma gida. Ba ruwanki."

"Da ruwana, har da tsakina. Shanun sun kora, mai gidan sun kashe. Me ya rage da za ka kare mini?"

Na raka ta Kaduna. Ta rantse, ta yi bayani da Hausa, tafinta yana juyawa. Ta faɗi nata buhunan, ta ce sauran na maƙwabtanta ne, a gabanta aka loda su. Da lauyan hukuma ya nemi sunayensu, ta ce, "Ɗana, nawa sunan na kawo. Nasu yana wurinsu." 

Kotun ta soke kimar, ta ce a sake lissafi kan cinikin Baba na gaskiya.

Labari ya riga mu isa Runka, don haka Gwaggo ba ta sake kwana can ba. Baba ya gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa. Da damina takan zauna a bakin ƙofa, ta ce yanzu gero ya kai gwiwa a gonarta.