Shafin da Na Gyara a Gaban Tica

Yayata ta yi shekara ashirin da wani abu tana buga tafireta kafin ta taɓa kwamfuta. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita kuma ta kai ni makarantar koyon kwamfuta a unguwar Circle. Da na gama, muka sayi tsohuwar kwamfuta muka ajiye a shagonta na unguwar Nima, kusa da hanyar Maamobi. Ta koyi amfani da ita da kanta, ba ta son a tsaya mata a ka. Hannunta ya fi nawa sauri, kuma ba ta kuskuren harafi.

Wata Laraba wani malamin firamare, wanda duk unguwa ke kira Tica, ya shigo da kundin bincikensa na jami'a. Yaya ce ta buga masa shi kaf. Ya buɗe shafin abubuwan da ke ciki ya ajiye a gabanta. Mai duba aikinsa ya zagaye gefen dama da jan biro.

"Hajiya, sau biyu ke nan ana dawo mini da shi," in ji Tica. "Dubi lambobin, kamar haƙoran tsoho. Jumma'a ce ranar ƙarshe."

Gaskiya ya faɗa. Layin ɗigo-ɗigon da ke tashi daga sunan kowane babi zuwa lambar shafinsa, wani ya zarce, wani ya gaza. Yaya da hannu take jera ɗigon, ɗaya bayan ɗaya, tana cike ragowar da tazara. A tafireta haka ake yi kuma yana fita daidai, don kowane harafi faɗinsa ɗaya. A kwamfuta kuwa "i" siriri ne, "m" mai faɗi, saboda haka ko ka ƙirga ɗigon, ƙarshen layukan ba zai haɗu ba. Kwana biyu ta yi tana ƙara ɗigo nan, tana rage can, gilashinta a kan hanci.

Ta ce, "Tica, ka ƙara mini haƙuri zuwa gobe."

Da na yi shiru har ya tafi, da na nuna mata mu biyu. Amma ina da shekara ashirin da huɗu, ga sabuwar takardar shaida a jaka.

Na ce, "Yaya, tashi ki gani. Ai ba haka ake yi ba yanzu."

Ta dube ni, sannan ta tashi. Na zauna a kujerarta. Na goge ɗigonta duka. Na zaɓi layukan gaba ɗaya, na buɗe wurin saita Tab, maɓallin da ke tura rubutu gaba, na sa masa matsaya a daidai iyakar rubutu ta dama. Na zaɓi tsayuwar dama, yadda lamba za ta jingina da iyakar ta ƙarshenta, na kuma zaɓi ɗigo ya cike tsakani. Daga nan kowane layi, bayan sunan babi, na danna Tab sau ɗaya. Ɗigon ya zubo da kansa. Bakwai, arba'in da takwas, ɗari da sha biyu, duk suka tsaya a kan layi guda. Ban yi minti goma ba.

Tica ya tafa hannu. "Kai! Hajiya, ashe maganin yana gidanki kika bar ni ina ta hawa da sauka? Daga yau ƙanwarki za ta riƙa yi mini aiki."

Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Ni ma na yi dariya. Yaya ta ɗauki takardar da ta fito daga inji, ta ɗora rula a gefen lambobin, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ta ɗauki buta ta fita alwala, alhali ba a kira la'asar ba.

Washegari na tarar ta koma teburin baya, inda muke ɗinke takardu. Na ce ta zo in nuna mata, abu ne mai sauƙi. Ta ce idonta ya gaji da hasken allon. Duk wanda ya kawo aikin bugu sai ta nuna ni da haɓa. Bayan azumin shekarar ta bar mini makullin shagon, ta koma taya wata ƙawarta sayar da atamfa a kasuwar Zongo Lane.

Ba mu taɓa yin faɗa ba. Kowace Jumma'a ina zuwa gidanta mu ci tuwo, ta tambaye ni ciniki, in tambaye ta ƙafa. Sau da yawa na shirya maganar ba ta haƙuri a cikin mota, in na isa sai in ga tana raha da jikokinta, in ce bari wani makon.

Shekara shida ana haka, hawan jini ya kwantar da ita, harshenta ya yi nauyi. A asibiti na riƙe hannunta na ce, "Yaya, ranar Tica, ki yafe mini." Ta motsa baki, na kai kunnena kusa, ban gane abin da ta ce ba. Ɗiyarta da ke tsaye ta ce wataƙila ruwa take so. Na ba ta ruwan, ta sha kaɗan. Kwana uku bayan haka muka kai ta makwancinta.