Shinkafar da ke da masu ita

Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi lokacin da wani manomin shinkafa daga Argungu ya fara zuwa zance wurina. Unguwarmu duk an yanke cewa na dace da mai fadama. Ashe can ma ana taya shi murnar samun mai albashi.

Wata ranar Juma'a a zaure na cire kunya na tambaye shi abin da yake samu. Ya faɗi buhunan da ya girbe a noman rani, har na gyara zama. Sai ya ci gaba: “Amma malama, shinkafar ga tana da masu ita. Dillalin da ya ba ni bashin taki da man injin ban ruwa, da buhu yake karɓar nashi. Ga abincin Inna, ga marayun yayana.”

Da ya gama rabon, abin da ya rage bai kai a kira mota ba.

“To ke fa?” in ji shi.

Na ce banki na cire bashi kafin albashin ya iso hannuna, sauran kuma kuɗin makarantar ƙannena ne da maganin Baba. Sai dariya ta ƙwace mana.

Muka shirya kowa ya riƙe nasa nauyin, aka rage lefe, aka ɗaga biki zuwa kaka. Ban gama amarci ba ƙanwarsa, wadda ya manta bai ambata ba, ta samu gurbin karatu a Sakkwato.